Wani ɗan wasana na shan kiriyatin, mahaifinsa ya ce sitiroyid ne

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin wasanni ne a wata sakandaren kwana ta maza, ni ke horar da 'yan ƙwallonmu. Makon jiya aka tsinci wata leda da farin gari a akwatin ɗan bayanmu, yaro mai shekara 16. Ya ce kiriyatin ne, wani mai ɗaga ƙarfe a unguwarsu ya auno masa da hutu, cokali ɗaya yake sha kullum. Cikin kwana 10 nauyinsa ya tashi daga kilo 58 zuwa 59 da rabi. Mahaifinsa ya zo a fusace, ya ce sitiroyid ne, ni na koya masa, wai ƙodarsa za ta mutu kuma ba zai haihu ba. Shugaban makaranta ya ce ranar Asabar in tara yaran in ce musu guba ce, a rufe maganar. To amma yaran suna gani a waya manyan 'yan wasa na sha. Wallahi ban taɓa ba wani yaro komai ba, raina ya ɓaci matuƙa. Me zan faɗa musu?

Koci, daga wata makarantar kwana

Wa alaikumus salam Koci. Allah Ya huci zuciyarka. A ɗora wa mutum laifin da bai ji ba bai gani ba, a gaban ɗalibansa kuma, abu ne mai ciwo. Amma ka yi wa mahaifin uzuri. Duk uban da aka ce an kama farin gari a akwatin ɗansa a wannan zamani na tiramol da kodin, ba kiriyatin ne zai fara zuwa masa a rai ba. Tsoro ne ya yi magana a bakinsa.

Abin da nake so ka riƙe kafin Asabar shi ne, kada ka tsaya gaban yaran nan ka ce kiriyatin guba ne, kada kuma ka ce shi da sitiroyid abu ɗaya ne. Ba gaskiya ba ne, kuma ranar da suka koma gida hutu suka riƙe waya za su gane. Daga ranar, in ka ja musu kunne kan allurar da za ta iya lalata su da gaske, cewa za su yi ai Koci haka ya faɗa wancan karon ma. Za ka iya faɗa musu gaskiya dalla-dalla, kuma ka hana su sha. Biyun ba sa karo da juna, zan nuna maka yadda.

Ina ba ka shawara kada ka fara da jawabi a aji. Ka fita da su fili, ka auna mita 30, ka zaɓi mutum uku masu gudu. Kowanne ya kwasa da iya ƙarfinsa sau shida, hutun daƙiƙa 20 kawai tsakanin gudu da gudu, wani ɗalibi na riƙe da agogo yana rubutawa a takarda. Za su gani da idonsu na farko da na biyu sun fi sauri, daga na huɗu ƙafa ta fara nauyi, na shida kuwa sai dai a lallaɓa. Suna haki sai ka tambaye su, me ya ƙare a ƙafarku? Daga nan darasin zai shiga da kansa.

Amsar ita ce tsoka tana aiki da wani sinadari da ake kira ATP, kuma abin da take ajiye da shi na daƙiƙoƙi kaɗan ne. Da zarar ya fara ƙarewa, kiriyatin da ke cikin tsokar, wanda ke riƙe da fosfet, shi ke saurin mayar da shi. Wannan ajiya tana ɗaukar mutum kimanin daƙiƙa 10 na aiki da iya ƙarfi, sannan tana buƙatar 'yan mintuna kafin ta cika. Ka ce musu kamar buta ce a gefen randa: ruwanta na kusa da hannu amma nan da nan yake ƙarewa, sai an koma randa an ɗuro. Wanda ya sha garin kiriyatin butarsa ce ta ɗan ƙara girma, randar tana nan yadda take.

Sai ka faɗa musu abin da zai ba su mamaki, cewa duk wanda ke tsaye a filin nan akwai kiriyatin a jikinsa, har da shugaban makaranta. Ƙoda da hanta suna haɗa kusan giram 1 a kullum daga amino asid guda uku, sannan mai cin nama da kifi yana samun kusan wani giram ɗin daga abinci. Namiji mai kilo 70 yana ɗauke da wajen giram 120, kusan duka a cikin tsoka. A nama ma aka fara gano shi, wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, a 1832. Kilo guda na ɗanyen naman sa yana da giram 4 zuwa 5, wato daidai abin da manya ke sha a rana a cokalin shayi. Bai shahara a wasanni ba sai 1992, shekarar da Roger Harris da abokan aikinsa suka nuna cewa shan sa yana ƙara yawansa a tsoka, kuma shekarar gasar Olamfik ta Basalona. Har yau ba ya cikin jerin abubuwan da WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta wa 'yan wasa.

Kada ka rage masa, kada kuma ka zuzuta shi. Amfaninsa na gaske ne amma ɗan kaɗan ne, kuma a gajeren aiki mai ƙarfi da ake maimaitawa yake, irin gudun da suka gama yi ko ɗaga ƙarfe. Ba ya ƙara numfashin minti 90, ba ya koya wa ɗan baya tare ƙwallo, wanda ba ya atisaye kuma ko ya shekara yana sha ba abin kirki da zai gani. Wasu ma jikinsu ba ya amsawa sam, musamman waɗanda tsokarsu ta riga ta cika da shi daga abinci.

Sitiroyid ɗin da masu ɗaga ƙarfe ke nufi wani abu ne dabam tun daga tushe. Shi kwaikwayon testostiron ne, sinadarin da ke balagar da namiji, aka sarrafa shi ya zama ƙwaya ko allura. Ba ajiyar kuzari yake ƙarawa ba, umarni yake ba jiki ya gina tsoka fiye da kima, kuma umarnin ba a tsoka kaɗai yake tsayawa ba. Ƙwaƙwalwa na ganin sinadarin ya yi yawa a jini sai ta daina aika wa maraina saƙo, sai su ƙanƙance, maniyyi ya ragu. Wani kaso na abin jiki ke juya shi ya koma sinadarin mata, shi ya sa za ka ga ƙato da ƙirji kamar ƙofa amma nono ya fito masa. Ƙuraje manya su feso a baya da kafaɗu, jini ya hau, kitsen jini ya rikice, irin na haɗiya kuma su taɓa hanta. Ga saurin fushi, ga baƙin ciki mai nauyi idan an daina.

Akwai illa guda da nake so ka daɗe a kanta, domin ita ce za ta fi shiga kunnen ɗan shekara 15 ko 16. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, ta nan tsawo ke ƙaruwa. Sinadaran balaga ne ke rufe wurin idan lokaci ya yi. Yaron da ya ɗura wa kansa sitiroyid yana iya rufe shi tun lokaci bai yi ba, kuma in ya rufu ya rufu, babu maganin da ke buɗe shi. Ka dubi mai tsaron gidanka ka tambaye shi ko zai sayar da tsawon da ya rage masa don damtse. In kana son misali daga fili, ga Ben Johnson na Kanada, wanda ya ci tseren mita 100 a Olamfik ta Seoul a 1988 cikin daƙiƙa 9.79, kwanaki kaɗan bayan haka aka karɓe zinaren saboda an sami wani sitiroyid mai suna sitanozolol a fitsarinsa. A dokar yau, wanda aka kama da irin wannan da gangan dakatarwar shekara 4 ce ke jiransa.

Tunda ka buɗe bakin, ka haɗa da deksa, don ita ce ta fi kusa da yaranmu. Deksametazon da wasu ke saya a kemis don su yi ƙiba ita ma sitiroyid ake ce mata, amma dangin maganin kumburi ce. Fuska take kumburawa da ciki, ta raunana garkuwar jiki, tsokar cinya da hannu kuma ta zaizaye. Yaro ya sha don ya yi ƙarfi, ya ƙare da kumatu. Tiramol kuwa ba sitiroyid ba ne ko kaɗan, amma daga Janairun 2024 WADA ta hana shan sa a lokacin gasa.

Yanzu mu koma kan yaronka, domin lissafinsa ne zai kwantar wa mahaifinsa da hankali, ko ya nuna akwai abin dubawa. Kilo ɗaya da rabi a kwana 10 ba tsoka ba ce, babu mai gina wannan a kwana 10. Kiriyatin yana shiga tsoka da ruwa, saboda haka ƙarin kilo 1 zuwa 2 a farkon sha sanannen abu ne, musamman ga wanda ya fara da yawa. Manya suna bin ɗayan hanya biyu: ko giram 20 a rana, a raba huɗu, na kwana 5 zuwa 7 sannan a sauko, ko kuma giram 3 zuwa 5 kullum, wanda ke kai tsoka wuri ɗaya cikin kusan mako 4. To ka tambaye shi a natse, wane cokali? Idan na shayi ne a shafe, yana cikin ƙaramin awo, kuma wannan nauyi ya ɗan yi sauri, sai a duba ko abinci ne ya canja ko sikelin. Idan na cin abinci ne a cike da tozo, ya ninka awon sau biyu ko uku, nauyin ya yi daidai da ruwa, kuma ba mamaki ya yi fama da murɗar ciki ko gudawa bai faɗa wa kowa ba.

Sai dai nauyi kaɗai ba ya wanke ledar, domin sitiroyid da deksa su ma suna tara ruwa a jiki. Nan ne ainihin matsalar take, kuma nan ne mahaifin yake da gaskiya ba tare da ya sani ba. Ba wanda ya san abin da ke cikin garin nan, har shi wanda ya auno. Tsantsar kiriyatin fari ne, ba wari, kusan ba ɗanɗano, ba ya narkewa sosai, za ka ga ya kwanta a ƙasan kofi kamar yashi. Amma ido da harshe ba sa gano ɗan abin da aka cakuɗa. A wani bincike da kwamitin Olamfik na duniya ya ɗauki nauyi, wanda aka buga a 2004, ɗakin gwaji na Kolon a Jamus ya auna kayan ƙarin kuzari 634 da aka sayo daga ƙasashe 13, ya sami kusan kashi 15 cikin 100 ɗauke da dangin sitiroyid da ba a rubuta a jikinsu ba. Waɗannan fa a rufe suke cikin robarsu da tambarin kamfani. Ina ga wanda aka ƙulla a leda? Dokar wasanni kuma ba ta karɓar "ban sani ba", abin da aka samu a jikinka naka ne.

Saboda haka ga abin da zan yi in ni ne kai. Kafin Asabar ka nemi mahaifin, ba a ofishin shugaba ba, a inda za ku zauna ku biyu. Ka ce masa, Baba, ni da kai abu ɗaya muke so, mu kai shi asibiti tare. Yaron ya daina sha daga yau. Babu wata wahalar dainawa, jiki zai ci gaba da haɗa nasa, abin da ya taru a tsoka ya sauko cikin mako 4 zuwa 6, ruwan ya tafi da shi. Ku tafi da ledar, likita ya auna jininsa, ya duba fata da ƙirji, ya yi gwajin hanta da ƙoda in ya ga da buƙata. Kuma lallai ku gaya wa likitan abin da yaron ke sha. Dalili shi ne gwajin ƙoda na yau da kullum yana auna kiriyatinin, wato dattin da kiriyatin ke komawa bayan ya gama aiki. Mai shan garin yana iya nuna adadi sama da na kullum alhali ƙodarsa lafiya lau, kuma daga nan ne yawancin jita-jitar ƙoda ta samo asali. Binciken da aka yi a kan manya masu lafiya, a awon da aka saba, bai nuna yana lalata ƙoda ba. Wanda ke da ciwon ƙoda tun asali kuwa ba ruwansa da shi sai da izinin likita. Batun haihuwa, wannan illar sitiroyid ce aka jingina wa kiriyatin, ka faɗa wa Baba haka kai tsaye.

Wani cikin yaran zai ɗaga hannu ya ce, to Koci, tunda ba haramtacce ba ne, me zai hana mu sha? Kada tambayar ta ba ka haushi, ita ce ta fi kowace kyau. Ka ce masa mafi yawan binciken a kan manya aka yi, na masu ƙasa da shekara 18 bai kai nasu yawa ko tsawon lokaci ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ba ta goyon bayan yara su riƙa shan kayan ƙarin kuzari don wasa. Ka ƙara da cewa a shekarunsu jikinsu na cikin ganiyar girma, ƙarfin da balaga da atisaye za su ba su a shekara guda ya ninka abin da gari zai ba su. Sannan ka yi musu tambayar da ni ma nake yi maka: yaron da ke kwana da tuwo da miya ba nama, yana barcin awa 5 saboda hira a ɗakin kwana, me cokalin gari zai gyara masa? Kuɗin da zai ba mai ɗaga ƙarfe ya sayi ƙwai, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono da busasshen kifi. Wake da waken suya ba su da kiriyatin, amma suna da furotin da ake gina tsoka da shi, wanda shi ne yaranmu suka fi rasawa.

Wani kuma zai kawo maganar wai kiriyatin na kawo sanƙo. Tushenta bincike ɗaya ne na 2009 a kan 'yan wasan zari-ruga 20 a Afirka ta Kudu, inda aka ga wani sinadari mai alaƙa da zubar gashi ya hau a jini. Ba a ƙirga gashin kowa ba a binciken. Ka faɗa haka ka wuce.

Dokar da za ka kafa ta zama gajeriya: a ƙungiyar nan babu gari, babu ƙwaya, babu allura sai wadda likita ya rubuta kuma iyaye suka sani. Wanda ya cika 18 ya bar makaranta yana so ya gwada, ya nemi tsantsarsa shi kaɗai ba gauraye ba, a rufe, da ranar lalacewa da lambar NAFDAC, in da hali mai tambarin gwaji irin Informed Sport, domin lambar rajista ba ta nufin an auna kowace roba don abubuwan da aka hana a wasa. Ka bar musu ƙofa kuma: duk wanda ke da wani abu a akwati ya kawo maka cikin mako guda, ba duka, ba kora daga ƙungiya. Ina kyautata zaton ba leda ɗaya ce a makarantar ba.

Shugaban makaranta kuwa, abin da yake so shi ne a daina, kuma sunan makaranta ya tsira. Ka shiga wurinsa da takarda shafi ɗaya, ka ce, ranka ya daɗe, hanin yana nan daram, dalilin ne kawai zan faɗa yadda ba wanda zai ƙaryata mu. Ka roƙi malamin bayoloji ko ma'aikacin asibitin makaranta ya tsaya tare da kai, shi ya yi bayanin jiki, kai ka yi na fili. Idan ya kafe sai an ce guba, kada ka yi jayayya da shi a gaban kowa. Ka ce wa yaran, garin da ba a san abin da ke cikinsa ba yana iya zama guba, wannan gaskiya ce da za ka iya rantsewa a kanta, sauran bayanin kuma ka yi shi a hankali a lokutan atisaye.

Shi yaron, kada ka ambaci sunansa ranar Asabar, kada ka ɗaga ledarsa sama a gani. Kowa ya riga ya sani, kunyar da ya sha ta isa. Ka kira shi kafin taron ka gaya masa abin da za ka faɗa, don kada ya zauna yana jiran a tozarta shi. Ka tambaye shi abin da ya kai shi, sau da yawa za ka tarar wani ɗan gaba ne ya ture shi a wasa aka yi masa dariya, ko wani ya ce masa ba za a ɗauke shi a akadami ba saboda rama. In haka ne, ka tsara masa atisayen ƙarfi sau biyu a mako da nauyin jikinsa, tsugunno da tsalle da turin ƙasa, ka riƙa auna gudunsa na mita 30 duk wata kuna rubutawa a littafi ɗaya. In likita ya ce lafiyarsa ƙalau, ka mayar da shi lambarsa a wasa na gaba, kuma ka aika wa mahaifinsa ya zo kallo.